Kayan gwajin maleriya: ranar da ke kan sitika ta saɓa wa wadda ke ƙarƙashi

Nura: Assalamu alaikum. Ga hotuna huɗu na kwalin kayan gwajin maleriya na gaggawa, mai guda 25, irin na HRP2, wato mai neman furotin ɗin ƙwayar maleriya mai wannan suna a cikin jini. Na rufe sunan kamfanin da gangan. Hoto na farko gefen kwalin ne, na biyu ledar foyil gaba da baya, na uku kwalbar ruwan bafa da ake ɗigawa a kan gwajin, na huɗu takardar bayani. A kwalin akwai farar sitika mai lambar rukuni, wato LOT, MA23C114, ranar yi 2023-03, ranar ƙarewa 2026-02. Ledar ma haka take ɗauke da su. Amma lambar da ke jikin kwalbar bafa daban ce. Jabu ne ko na gaske?

Sadisu: Wa alaikumus salam. Ai ka riga ka ba kanka amsa. Tunda lambar bafa ba ta zo ɗaya da ta kwali ba, an haɗa kayan ne daga wuri daban-daban. Jabu ne, a ajiye shi gefe.

Hajiya Rabi: Malam Sadisu, a ajiye shi gefe kam na yarda, amma ba don wannan dalilin ba. Kamfanoni da yawa suna haɗa ruwan bafa a babban rukuni guda, su ba shi lambarsa, sannan su raba shi cikin kwalaye na rukunoni da dama. Allurar huda yatsa da audugar sifirit ma yawanci wasu kamfanonin ne suke yi, kowanne da lambarsa da ranarsa. Abin da dole ya zo ɗaya shi ne lambar kwali da ta ledar da kaset ɗin, wato 'yar robar da ake ɗiga jini a kai, ke ciki. Abin da za a duba a bafa shi ne ranarsa: kada ya ƙare kafin ranar da aka rubuta a kwali, domin ranar kwali tana bin abin da ya fi saurin lalacewa a cikinsa ne. Nura, mece ce ranar da ke kan kwalbar? Hasken filas ya cinye wurin a hotonka.

Nura: 2025-04 ce, Hajiya.

Hajiya Rabi: To ka ga inda maganar take. Kwali ya ce yana aiki har Fabrairun 2026, ruwan da ba a iya gwajin sai da shi kuma ya ce shi a Afrilun 2025 ya gama. Kamfani ba ya fitar da kaya haka. Sai kuma lissafin watanni. Daga Maris 2023 zuwa Fabrairun 2026 wata 36 ne. Akasarin irin waɗannan kayan wata 24 ake ba su. Akwai waɗanda suka wuce haka, don haka kada mu yanke hukunci da wannan kaɗai, a nemo adadin da kamfanin ya ayyana wa wannan samfurin. Idan 24 ne, ranar gaskiya ita ce Fabrairun 2025, kuma ka lura tana zama daidai da ranar bafa, wata biyu kafin ta.

Sadisu: Na karɓi gyaran bafa. Amma sitikar fa? Kamfanin gaske ba ya liƙa sitika, a jikin kwali yake bugawa.

Lawal: Wannan ma ba ƙa'ida ba ce, Yaya Sadisu. Ana buga kwali dubbai a lokaci guda tun kafin a san rukunin da zai shiga ciki, don haka zane da suna da alamomi su ne na maɗaba'a, lambar rukuni da ranaku kuma ana ƙara su daga baya a wurin tattara kaya. Wani kamfanin da sitika yake yi, wani da injin feshin tawada, wani da leza. Sitika ita kaɗai ba laifi ba ce. Sitika a kan sitika ita ce abin tambaya. Nura, ka faɗaɗa hoto na farko, kusurwar hagu ta ƙasa. Ina ganin kamar bakin wata takarda yana leƙowa a ƙarƙashi, kusan milimita ɗaya, kuma farinta ya ɗan fi na sama duhu. Buɗe kwalin ka sa tocilan waya ta ciki, daidai bayan sitikar, a ɗaki mai duhu. Idan kwalin ba mai kauri sosai ba ne, inuwar rubutun ƙasa za ta fito.

Abu na biyu, akwai ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo a murfin kwalin, wanda ba a kan sitikar yake ba. Ka karanta shi da kowace manhajar karanta lamba, ka turo mana abin da ya fito.

Nura: Tocilan ya nuna akwai rubutu a ƙasa amma ban iya karanta lambobin ba. Murabba'in kuma bayan doguwar lambar farko ga abin da ya bayar:

```
(17)250228(10)MA23C114
```

Lawal: Shi ke nan. A tsarin lambobin kaya na GS1, abin da ke bin (17) ranar ƙarewa ce, a jere shekara, wata, rana, lamba bibbiyu. Wato 28 ga Fabrairu 2025. Abin da ke bin (10) lambar rukuni ce, kuma ta zo daidai da ta sitika. Wanda ya yi aikin ya canza abin da ido yake karantawa, ya bar abin da na'ura take karantawa, watakila bai ma san ranar tana ciki ba. Lissafin Hajiya ya fito: wata 24.

Ummi: Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. A fasa guda a ɗiga jini, in layin C ya fito ai kayan yana aiki. Mu haka aka koya mana.

Dakta Binta: Ummi, abin da aka koya miki gaskiya ne amma rabinsa. In layin C bai fito ba, gwajin ya ɓaci, wannan babu jayayya. Fitowarsa kuma abin da take nunawa shi ne ruwa ya bi tsinken takardar har ƙarshe, ya ɗauko launin ya ajiye a wurin. Ba ta cewa komai game da sinadarin da ke layin T, wanda shi ne yake kama furotin ɗin ƙwayar cutar. A yawancin kayan, ko ba ki sa jini ba, bafa kaɗai zai fito miki da C. Zafi da laima da tsufa suna raunana layin T a hankali, kuma inda raunin yake fara bayyana shi ne a jinin da ƙwayoyin cikinsa ba su da yawa. Mai ƙwayoyi dubbai a kowace maikurolita zai iya ba ki layi ko da tsohon kaya. Mai ɗari biyu shi ne zai fito babu komai, a sallame shi da zazzaɓinsa. Shi ya sa a gwajin ingancin rukuni na Hukumar Lafiya ta Duniya ake amfani da jini mai ƙwayoyi 200 a maikurolita, ba mai yawa ba.

Ummi: To in na gwada da jinin wanda madubin ƙara girma ya tabbatar yana da maleriya, layin ya fito fa?

Dakta Binta: Kin san cewa wannan kaset ɗin ya kama wannan jinin, iyakarta ke nan. In ma bai fito ba, ba hujjar jabu ba ce kai tsaye, domin akwai ƙwayoyin maleriya nau'in falsifarum da ba sa yin HRP2 sam. An fara bayar da rahotonsu daga Peru a 2010, daga baya suka yawaita a Eritiriya har ƙasar ta bar kayan HRP2. Sakamakon gwaji ɗaya ba ya raba miki jabu da na gaske ta kowane ɓangare. Marufin ya fi shi magana.

Hajiya Rabi: Mu koma kan ledar, don ita ce ta fi damuna. Sitika kowa zai iya liƙawa. Amma ledar ma tana cewa 2026-02, kuma guda 25 ne a kwali. Ko dai an goge ranar kowace leda an sake bugawa, ko kuma an sake zuba kaset ɗin a sabuwar leda. Bambancin yana da girma. In gogewa aka yi, kaset ɗin yana nan a rufe tun daga masana'anta, tsufa kawai ya yi. In sabuwar leda ce, ya sha iska, kuma ba mu ma da tabbacin cewa abin da ke ciki na kamfanin ne. Malam Lawal, kai ne idonka ya saba da bugu.

Lawal: Hoton da ke nan ba zai raba mana gardama ba, an ɗauke shi da filas kai tsaye, foyil ya mayar da hasken ya wanke komai. Nura, a sake. Kashe filas. Shimfiɗa ledar a kan baƙar takarda. Kawo fitila daga gefe guda, ƙasa-ƙasa, ta yadda hasken zai shafi fuskar ledar a kwance. Kada ka matso da waya har ta kasa daidaita gani, tsaya kamar taƙi guda ka ɗauka. Ajiye rula a gefe. Sannan ka turo a matsayin fayil, don in ka turo a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ɗigon tawadar da muke nema ya narke.

Ga abin da nake nema. Injin feshi yana rubuta lamba da ƙananan ɗigo a jere, kuma layukan LOT da ranar yi da ranar ƙarewa a wuce ɗaya yake buga su. Saboda haka girman ɗigo, duhun tawada da karkatar rubutu duk iri ɗaya za su kasance a layukan uku. In an goge layi ɗaya da tina ko sifirit, wurin yana rasa ƙyallinsa ko ya fi sauran ƙyalli, ana ganin da'ira kamar inda ruwa ya bushe, wani lokaci har da guntun tsohuwar tawada a gefe. Sabon rubutun kuma da wuya ya zauna daidai kan layin 'yan uwansa.

Nura: Na turo guda uku a fayil, leda uku daban.

Lawal: Madalla, waɗannan sun fito. Layin LOT da na ranar yi ɗigo-ɗigo ne, kuma a duk ledoji ukun sun ɗan karkata iri ɗaya. Layin ranar ƙarewa kuwa cikakken rubutu ne marar ɗigo, bakinsa ya yi kauri kamar na hatimin roba, kuma a kowace leda wurinsa daban: a ta farko ya hau sama, a ta uku ya kusa taɓa alamar agogon yashi. Ga dusashewar nan kewaye da shi, faɗin yatsa. Hannu ne ya buga wannan, ɗaya bayan ɗaya.

Sadisu: Ke nan ledar ta asali ce, ranar kawai aka taɓa.

Lawal: Ta farko da ta uku, haka nake zato. Ta biyu ina da shakka. Ledar kirki hawa uku ce: roba mai ɗauke da zane a waje, alminiyom a tsakiya, wata robar a ciki wadda zafi ke narkarwa ta liƙe. Liƙin masana'anta faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, zanen haƙoran injin a jere, kuma 'yar tsagar da ake yagewa tana wuri ɗaya a kowace leda. A leda ta biyu liƙin sama ya fi na sauran siranta, santsi ne babu zanen haƙora, ya ɗan karkace, kuma in ka bi rula za ka ga ledar ta gaza sauran tsawo da kamar milimita huɗu. Haka leda take zama in an yanke bakinta an sake liƙewa da ƙaramin injin hannu.

Hajiya Rabi: Ko kuma gefen da aka zuba kaset ta nan ne, Malam Lawal. Ledar da ake sayowa a shirye gefe uku a liƙe take zuwa, na huɗun a masana'antar gwajin ake rufe shi, kuma sau da yawa bai yi kama da sauran ukun ba.

Lawal: Haka ne, Hajiya, amma da sai ya bambanta a duk ledojin, ba a guda ɗaya ba. Ina kwatanta saman ta biyu da saman ta farko ne.

Hajiya Rabi: Leda uku ba su isa a ce wanne ne saɓanin ba. Nura, jera duka 25 ɗin a tebur, baki ɗaya a sama, ka ɗauka a hoto guda. Sannan abin da hoto ba zai yi ba, hannu zai yi: matsa kowace leda a hankali tsakanin yatsu, wadda ta huje za ta saki iska ta lafe. Ka lanƙwasa kusurwa, alminiyom na gaske yana riƙe lanƙwasar, robar da aka yi wa fesin ƙarfe kawai tana miƙewa ta koma. In ka yage guda, sa tocila a bayan fatar ledar: foyil ba ya barin haske ya wuce, mai fesin ƙarfe kuwa za ka ga haske yana ratsowa. Ka duba ƙullin silika a ciki. In babu shi, magana ta ƙare. In mai canza launi ne, shuɗi yana komawa ruwan hoda idan ya sha laima, mai ruwan lemo kuma yawanci kore yake komawa. Fari zalla ba ya nuna komai, kada a ce lafiya lau don an gan shi fari.

Ummi: Takardar bayanin fa? Ni na ga Turancinta babu kuskure.

Dakta Binta: Kuskuren rubutu ana yawan ambatonsa, amma raunin hujja ne ta kowace fuska. Akwai kamfanonin gaske masu gurguwar fassara, kuma mai yin jabu da ya kwafi takardar asali ba zai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ake karantawa a takardar shi ne ko tana magana a kan kayan da ke hannunka. A ƙasan shafin ƙarshe akwai lambar takardar da ranar da aka sabunta ta. Takardar da aka sabunta bayan ranar da aka tattara kwalin ba ta da hanyar shiga cikinsa. Sai lambar samfuri, wato REF, ta zo ɗaya a takarda da kwali da leda. Sai zanen kaset: ramuka nawa, ina ake sa jini, ina ake sa bafa, waɗanne haruffa ne a gefen taga. Sai adadi. Jini yawanci maikurolita 5 ne, amma ɗigon bafa wani samfurin biyu ne wani huɗu, lokacin karantawa wani minti 15 wani 20. Takardar wani samfurin a kwalin wani tana sa a yi gwajin ba daidai ba ko da kaset ɗin lafiyayye ne. A hoto na huɗu, zanen yana nuna taga mai layi uku, C da wasu biyu. Nura ya ce kayan HRP2 ne zalla. Nura, kaset ɗin haruffa nawa ne a jikinsa?

Nura: Biyu ne, Dakta, C da T. REF ɗin takardar ma harafin ƙarshe ya bambanta da na kwali. Ban lura ba sai yanzu.

Lawal: Kuma takardar kwafi ce. Dubi ƙananan alamomin nan, ma'aunin zafi da lamba 2 da aka soke da akwatin IVD: bakinsu ya yi gashi-gashi, kuma a wuraren da ya kamata su zama fari tas akwai ƙurar toka. Akwai wani siririn layi da ya ratsa shafin a tsaye inda babu ninki a takardar. Ninkin takardar asali ne na'urar ta ɗauko a matsayin zane.

Sadisu: To me zai sa mai canza rana ya canza takarda? Ba a rubuta ranar ƙarewa a cikinta.

Dakta Binta: Wasu takardun suna faɗin adadin watannin da kayan ke yi, wannan zai iya zama dalili. Zai iya kuma kasancewa ledojin tsintarsu aka yi daga wurare daban aka cika kwali, takarda ta ƙare aka kwafo wadda ta samu. Hoto ba zai gaya mana wanne ba ne. Abin da aka sani shi ne salon ba sabo ba ne. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun kayan gwajin HIV na Uni-Gold da aka samu a Guyana da Kenya. Lambobin rukunin na gaske ne, kamfanin ya taɓa yin su, amma sun ƙare tun 2019, aka fito da su da ranakun 2020. Wanda ya tambaya ko lambar tana nan a rajista kawai, za a ce masa tana nan. Dole a haɗa lamba da rana a tambaya guda.

Sadisu: Amma ai akwai lokacin da FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ta ƙara wa kayan gwajin korona wa'adi. Ba zai yiwu nan ma ƙari aka yi a hukumance ba?

Hajiya Rabi: An yi hakan, bayan kamfanonin sun kawo shaidar cewa kayan suna daɗewa fiye da yadda aka fara rubutawa. Amma a fili aka yi, an wallafa jerin lambobin rukuni da sabuwar ranar kowanne, mutum ya duba. Ba a bi leda ɗaya-ɗaya da tina da hatimi ba. In mai kawo kayan ya ce ƙari ne, ya kawo wasiƙar kamfanin mai ɗauke da wannan lambar rukunin, kuma a tabbatar da wasiƙar daga kamfanin, ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda ke jikin wasiƙar ko kwalin ba.

Nura, a dakatar da duk kwalayen wannan rukunin, a ƙirga su, a rubuta musu alama, a ajiye su inda ba zafi. Kada a ɓare sitikar, kada a mayar wa mai kawowa, don in sun koma hannunsa wani wurin za su faɗa. A tura wa kamfanin da hukumar kula da magunguna ta ƙasarku hotunan fuska shida na kwalin, ledar gaba da baya, bafa, takardar duka shafuka, da takardar sayen kayan. In samfurin yana cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, rahotonsa na fili yana ɗauke da hoton lakabi da takardar bayani, sai ka ɗora naka a gefe ka kwatanta layi-layi. A kuma duba rajista a ga waɗanda aka gwada da wannan rukunin aka ce ba su da ita, musamman yara da masu ciki.

Ummi: In da duk hotunan sun fito daidai fa, sai a ce na gaske ne?

Lawal: Sai a ce ba mu ga komai ba. Kwalin gaske da ya kwana wata uku a kwantena cikin rana, hotonsa ba zai bambanta da lafiyayye ba.

Nura: Na jera 25 ɗin. Shida ne gajeru masu santsin liƙi, sha tara irin ta farko. Na yage ɗaya daga cikin gajerun, akwai silika, fari, kuma kaset ɗin iri ɗaya ne a ido.

Hajiya Rabi: Shida cikin 25 zai iya zama injin liƙi na biyu a masana'anta.

Lawal: Injin na biyu ba ya rage tsawon leda, Hajiya. Nura, kada ka ƙara yage ko ɗaya. Ɗauko bayan kaset ɗin da ka buɗe a hasken gefe, mu ga ko akwai sawun ɓamɓara a inda murfin ya haɗu da gindinsa.